Canza Sunan Fankshin a Manhaja: Yadda Ake Bin Sawun Suna Fayil Bayan Fayil

Duk wanda ya taɓa gyara sunansa a takardun hukuma ya san cewa rantsuwar da aka yi a kotu ita ce mafi sauƙin aikin. Wahalar tana gaba. Sunan yana katin ɗan ƙasa, yana banki, yana takardar sakamakon jarrabawa, yana rajistar layin waya. Idan aka gyara huɗu aka manta da ɗaya, shiru za a ji na tsawon watanni, sai ranar da mutum ya je karɓar kuɗinsa ma'aikacin banki ya duba kwamfuta ya ce masa, "Malam, sunayen ba su zo ɗaya ba."

Masu rubuta manhajar kwamfuta suna fama da irin wannan kusan kullum. Manhaja ba takarda ɗaya ba ce. Fayiloli ne masu yawa, wani lokaci goma, wani lokaci dubbai, kuma suna kiran junansu da suna. A cikinsu akwai abin da ake kira fankshin, wato guntun umarni da aka tara wuri guda aka raɗa masa suna domin ya riƙa yin aiki ɗaya. A fayil guda ake rubuta shi. Duk fayil ɗin da ke bukatar aikinsa sai ya fara shigo da shi, da layin da a yaren Python yake ɗauke da kalmar `import`, sannan ya kira shi da sunansa. Kwamfuta kuwa ba ta san laƙabi ba, ba ta san "ai shi nake nufi" ba. Harafi ɗaya ya bambanta, a wurinta wani abu ne dabam.

Domin a ga yadda aikin yake a zahiri, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe.

Fankshin mai suna `lissafi`

Mu ƙaddara manhajar wata makarantar kuɗi ce, an rubuta ta da Python. A cikin fayil ɗin `kudi/dalibai.py` akwai wannan:

```python
def lissafi(dalibi):
    return dalibi.kudin_zango - dalibi.ya_biya
```

Aikinsa shi ne ya cire abin da ɗalibi ya biya daga kuɗin zango, ya faɗi ragowar da ake bin iyayensa. Lokacin da manhajar take ƙarama sunan ya wadatar, domin lissafi ɗaya ake yi. Da tafiya ta yi tafiya sai aka ƙara sashen albashin malamai, wani ya rubuta nasa fankshin ɗin a `albashi/malamai.py`, shi ma ya sa masa suna `lissafi`. Yanzu duk wanda ya ga kalmar a tsakiyar fayil sai ya koma sama ya duba wanne aka shigo da shi. Wata rana wani zai yi gaggawa ya kira na albashi a inda ake son na ɗalibai. Saboda haka aka yanke shawarar mayar da na farkon `ragowar_kudi`, sunan da ke faɗin abin da yake yi.

Gyara layin da aka rubuta fankshin ɗin bai fi daƙiƙa biyar ba. Amma daga wannan lokacin duk fayil ɗin da ya san shi da tsohon suna ya rasa shi. Kuma fayilolin ba ta hanya ɗaya suka san shi ba. Ga hanyoyi huɗu da aka fi gani:

```python
from kudi.dalibai import lissafi
from kudi.dalibai import lissafi as ls
from kudi import dalibai
from kudi.dalibai import *
```

A layi na farko an shigo da shi da sunansa, don haka sai an gyara layin shigowar da kuma duk inda aka kira shi a fayil ɗin. A na biyu an shigo da shi aka sa masa laƙabi, `ls`. A nan layin shigowar kaɗai za a taɓa, laƙabin yana nan yadda yake. A na uku fayil ɗin gaba ɗaya aka shigo da shi, sunan fankshin ɗin ba ya cikin layin ko kaɗan, sai can ƙasa za a ga `dalibai.lissafi(...)`. Na huɗu shi ne mafi ɓoyo, domin alamar tauraron tana nufin a kwaso duk abin da fayil ɗin ya fitar. Wanda ya tsaya duba layukan shigowa kaɗai zai wuce na uku da na huɗu bai gan su ba.

A ƙirga kafin a taɓa komai

Mai hankali ba ya fara da gyara, da ƙirga yake farawa. Kafin ƙirgar ma akwai shiri guda uku. A tabbata duk aikin da aka yi a baya an adana shi a Git, manhajar da ke riƙe tarihin kowane canji, yadda `git status` zai nuna babu abin da ke rataye. Amfanin wannan shi ne idan gyara ya lalace, umarni ɗaya zai mayar da komai yadda yake. Sai a gudanar da gwaje-gwajen manhajar a ga sun wuce lafiya, domin idan da ma akwai wanda ke faɗuwa, kada daga baya a ɗora wa canjin suna laifin da ba nasa ba. Na uku, a bincika ko sabon sunan yana da mai shi. Idan akwai wani abu da tuni ake kira `ragowar_kudi` a ɗaya daga cikin fayilolin, sunaye biyu za su yi karo, na ƙasa ya danne na sama, kuma Python ba zai ce uffan ba.

Sannan a nemo tsohon sunan:

```
git grep -n lissafi
git grep -nw lissafi
```

Umarnin farko yana kawo duk layin da waɗannan haruffa suka fito, har da `lissafin_albashi` da `lissafi_wata`, waɗanda ba ruwansu da aikinmu. A misalinmu ya kawo layuka 61. Na biyu, saboda harafin `w` da aka ƙara, cikakkiyar kalma kaɗai yake kamawa, sai adadin ya sauko zuwa 43 a fayiloli 17.

Waɗannan layuka 43 sai an karanta su ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne ainihin aikin yake. Da aka karanta, ga yadda suka rabu. Layi 1 shi ne inda aka rubuta fankshin ɗin, 11 layukan shigowa ne, 18 kuma wuraren da aka kira shi. Wannan ya ba da 30. Akwai 3 da sunan ya fito a matsayin rubutu tsakanin alamun zance, da 2 a cikin bayanan da masu manhajar suka bar wa junansu. Jimillar waɗanda za a canza ke nan 35. Sauran 8 ba namu ba ne: 5 na fankshin ɗin albashi ne, 3 kuma suna cikin layuka irin wannan:

```python
DARUSSA = ["hausa", "turanci", "lissafi"]
```

Darasin lissafi ne, wanda yara ke yi a aji. A rubuta lambobin nan biyu a takarda, 35 da 8, domin su ne ma'aunin da za a gane ko aiki ya kammala.

Garin gyaran gira

Akwai hanyar da take jan hankalin mai gaggawa, wato a sa kwamfuta ta maye gurbin kalmar a ko'ina da umarni ɗaya:

```
git grep -lw lissafi | xargs sed -i 's/\blissafi\b/ragowar_kudi/g'
```

Kafin ƙiftawar ido an gama. Sai dai `sed` haruffa yake gani, bai san ma'ana ba. Duk layuka 43 zai canza. Fankshin ɗin albashi zai koma `ragowar_kudi`, wato ruɗanin da aka so a kawar ya dawo da sabuwar riga. Abin da ya fi muni, manhajar za ta iya ci gaba da tashi lafiya ƙalau, domin an canza sunan tare da duk masu kiransa. Ba za a farga ba sai ƙarshen zango, ranar da aka buga takardun sakamako, uba ya buɗe ta ɗansa ya ga wani darasi mai suna ragowar kuɗi, ko kuma ya ga gurbin makin lissafi fayau, saboda makin yana ajiye a rumbun bayanai da tsohon sunan darasin. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Hanyar da ta fi aminci tana cikin manhajojin da ake rubuta kod da su. A VS Code ana ɗora alamar rubutu a kan sunan a danna `F2`, a PyCharm kuma `Shift+F6`. Waɗannan ba haruffa suke bi ba. Suna karanta tsarin manhajar, suna bin kowane layin shigowa har zuwa asalinsa, saboda haka sun san `lissafi` na ɗalibai dabam, na albashi dabam, darasin aji kuma ba fankshin ba ne. Za su gyara layin shigowa mai laƙabi su ƙyale laƙabin. Dukansu biyu suna iya nuna jerin abin da za su canza kafin su canza, kuma bai kamata a tsallake wannan jerin ba. A misalinmu, layuka 30 na farko aikinsu ne.

Amma ganinsu yana da iyaka. Abin da aka rubuta tsakanin alamun zance galibi a wurinsu rubutu ne kawai, kamar kowace jimla. Wasu suna ba da zaɓin a bincika rubutu da bayanai ma, sai dai da zarar an kunna shi an koma ga matsalar darasin lissafi, dole mutum ya tantance da idonsa. Ga layukan nan uku na misalinmu:

```python
__all__ = ["lissafi"]
@patch("rahoto.zango.lissafi")
AIKIN_DARE = "kudi.dalibai.lissafi"
```

Na farko jerin sunayen da fayil yake bari a kwasa da alamar tauraro ne. Na biyu yana cikin gwaji, inda ake ajiye fankshin na gaske a sa na wucin gadi a madadinsa. Na uku yana cikin fayil ɗin saituna, shi ne yake gaya wa manhajar aikin da za ta yi da daddare kafin ta tura wa iyaye saƙon tunatarwa. Duk ukun suna nufin fankshin ɗinmu, amma babu wanda ya zo ta hanyar `import`. Da hannu ake gyara su, tare da bayanan nan biyu. Bayanin da ke ambaton sunan da ya daina wanzuwa ba ya karya manhaja, amma yana ɓatar da wanda zai zo bayanka.

Kuskure mai ihu da kuskure mai kwanton ɓauna

Idan an manta da wani wuri, ta yaya za a gane? Ya danganta da irin wurin. Idan layin shigowa ne aka bari da tsohon suna, Python zai tsaya tun lokacin da ya zo ɗauko fayil ɗin, ya ce:

```
ImportError: cannot import name 'lissafi' from 'kudi.dalibai'
```

Wannan kuskure alheri ne, domin yana ihu da wuri, yana faɗin suna da fayil. Sauran biyun su ne abin tsoro. Idan an gyara layin shigowa aka manta da wani kira a ƙasa, `NameError` za a samu. Idan kuma `dalibai.lissafi(...)` ne aka bari, `AttributeError` zai fito. Waɗannan ba sa fitowa sai ranar da manhajar ta taka wannan layin da ƙafarta. Python ba ya duba sunayen da ke cikin fankshin sai an kira shi. Idan layin yana cikin sashen da ake buɗewa sau ɗaya a zango, kamar rahoton ƙarshen zango, to kuskuren zai kwanta wata uku yana jira. Haka ma layin aikin dare: da rana komai lafiya, da ƙarfe biyun dare aikin ya faɗi, babu wanda ke kallo, sai bayan mako guda ma'aji ya lura iyaye sun daina samun saƙo.

A yaruka irin su Java da Go, manhajar da ke harhaɗa kod ɗin tana ƙin kammalawa idan aka kira sunan da babu shi, don haka irin wannan mantuwa tana bayyana tun kafin a kunna komai. Mai aiki da Python yana samun kwatankwacin wannan kariya daga kayan bincike irin su `pyflakes`, wanda ke nuna sunan da aka kira ba a shigo da shi ba, da `mypy`, wanda ke iya gano an nemi wani suna a fayil ɗin da ba ya ciki. Amma ko a Java ɗin, sunan da ke ɓoye cikin rubutu yana iya kuɓucewa.

Shi ya sa ake komawa ga lambobin da aka rubuta a takarda:

```
git grep -w lissafi | wc -l
git grep -w ragowar_kudi | wc -l
```

Na farko dole ya ba da 8, na biyu 35. Idan na farko ya ba da 9, akwai wurin da aka manta. Idan ya ba da 7, an taɓa abin da ba namu ba. Bayan lambobi sun daidaita sai a sake gudanar da gwaje-gwaje, sannan a karanta `git diff` daga sama har ƙasa. Kowane layin da ya canza, suna kaɗai ya kamata ya bambanta a cikinsa. A adana wannan canjin shi kaɗai, kada a cusa masa gyaran wani kuskure ko sabon aiki. Abokin aikin da zai duba yana iya tantance layuka 35 masu canji iri ɗaya cikin mintuna kaɗan, amma idan an ɓoye canjin ma'ana a tsakiyarsu idonsa zai wuce ta kai. A kuma sanar da abokan aiki da wuri. Wanda yake can yana rubuta sabon fayil a nasa reshen da tsohon suna, Git zai haɗe aikinsa da naka ba tare da ƙorafi ba, tunda ba layi ɗaya kuka taɓa ba, sai an kunna manhajar a ga ta faɗi.

Idan masu kiran sunan ba a gidanka suke ba

Duk abin da aka faɗa a sama ya tsaya ne a kan cewa fayilolin suna hannunka. Idan kuma wasu mutane a wasu wurare suna shigo da fankshin ɗinka cikin tasu manhajar, bincikenka ba zai kai gare su ba, ba ka kuma da ikon gyara musu. A nan ba a rushe tsohon suna rana ɗaya. Gada ake ginawa:

```python
import warnings

def lissafi(dalibi):
    warnings.warn("a koma ragowar_kudi", DeprecationWarning, stacklevel=2)
    return ragowar_kudi(dalibi)
```

Tsohon sunan yana nan yana amsawa, amma aikin yana miƙa shi ga sabon, yana kuma barin gargaɗi. Wannan `stacklevel=2` shi ne yake sa gargaɗin ya nuna layin wanda ya yi kiran, wato daidai inda yake bukatar gyarawa.

Haka masu Django suka yi, wato sanannen tsarin gina manhajojin intanet da Python. Suna da fankshin mai suna `ugettext`, wanda ke ɗauko fassarar kalmomin manhaja zuwa wasu harsuna. Harafin `u` na farkonsa ya samo asali ne daga zamanin Python 2, lokacin da ake bambanta rubutu na yau da kullum da rubutun Unicode, tsarin da ke ba kwamfuta damar riƙe haruffa irin su ƙ da ɗ da ɓ. A Python 3 wannan bambancin ya kau, Django kuma ya daina aiki da Python 2 tun fitowar 2.0 a Disambar 2017, sai harafin ya zama ba shi da aiki. Duk da haka ba su cire tsohon sunan nan take ba. A fitowar 3.0, a Disambar 2019, suka sa masa gargaɗin cewa a koma `gettext`. Sai a fitowar 4.0, a Disambar 2021, suka cire shi. Shekara biyu cur aka ba mutane saboda harafi ɗaya. Waɗanda suka karanta gargaɗin sun gyara a natse. Waɗanda ba su karanta ba, ranar da suka ɗaga manhajarsu zuwa 4.0 suka ci karo da `ImportError`. Da yawansu ma sun shigo da shi ne da laƙabi, `ugettext as _`, don haka layin shigowar kaɗai suke bukatar gyarawa a kowane fayil, irin hanya ta biyu da muka gani a sama.

Tsoron wannan aiki ne yake sa wasu su bar mummunan suna ya shekara a manhaja, kowa na tuntuɓe da shi, kowane sabon ma'aikaci sai an zaunar da shi an yi masa bayanin wane `lissafi` ne wane. Wannan asara ce ta kullum, alhali gyaran na yini ɗaya ne ko ƙasa da haka. Wasu kuma rashin tsoronsa ne yake sa su danna umarni ɗaya su tashi, su yi kitso da kwarkwata. Kai da ke koyon wannan sana'a, idan suna ya daina faɗin gaskiyar aikin da yake yi, ka canza shi. Amma ka ƙirga kafin ka fara, ka bar wa na'ura abin da take gani, ka bi abin da ke cikin alamun zance da idonka, kuma kada ka ce ka gama sai lambobinka biyu sun fito daidai.